Nomau da Kaftin Mai Ƙazuwa

Shekara talatin da ɗaya Nomau ya yi a Abijan, sha biyu daga ciki yana gadin wani sito na shinkafa a Zone portuaire, bakin tashar jiragen ruwa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna unguwar Bracodi, in ya yi masu Hausa a waya sai su amsa da Faransanci. Ranar Lahadi, idan manyan motoci suka kwanta, ba mai jin muryarsa sai Kaftin, wani jan kare da ya shigo da kansa ya zauna. Kaftin ya fi kowa sanin labarin Dogonduci, garinsu Nomau. Amma Nomau mutum ne mai tsare alwalarsa, bai taɓa sa masa hannu ba.

Da damina Kaftin ya fara susa kamar zai yage kansa. Gashin gefen kunnuwa ya zube, sai na gwiwoyi, fata ta yi ɓawo tana wari. Saminu bakanike, wanda ba a rasa magani a bakinsa, ya ce, "Baba, ƙazuwa ce. Baƙin mai na vidange, wanda aka juye daga inji, shafa ɗaya, c'est fini."

Nomau ya ɗaura tsumma a bakin sanda ya shafe shi daga nesa. Baya ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa sanda ba ta kai ba. Susa ba ta tsaya ba, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Kaftin ya yi ta lasa. Ran kwana na tara ya fara amai, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa.

Ba direban da zai ɗauki kare. Nomau ya rungume shi a ƙirji, ya taka har unguwar Arras wurin likitar dabbobi, Dokta Iklima. Ta kankari fatar ta duba a madubin gwaji.

"Baba, ƙananan ƙwari ne iri biyu," in ji ta. "Demodex yana zaune a gindin gashi, sai jiki ya raunana yake yawa. Wannan kuwa sarcoptes ne, yana haƙa rami cikin fata ya zuba ƙwai. Mai ba ya gamawa da ƙwan, suna ƙyanƙyashewa a koma gidan jiya. Da kun zo tun farko, magani na 'yan makonni ne, a wanke wurin kwanciyarsa. Man da ya lasa shi ne guba."

Kaftin bai kai la'asar ba. Baƙin ciki ya riƙe Nomau, don da hannunsa ya yi.

Bayan kwana uku jajayen ƙuraje suka feso masa a damtse da ƙirji. Ya koma ya nuna mata.

"Daga wurinsa kuka ɗauka, Baba. Ba sa zama a jikin mutum, za su tafi da kansu."

Haka aka yi. Kullum da safe Nomau yana nannaɗe hannun riga ya duba, suna raguwa. Ranar da na ƙarshe ya ɓace, Lahadi ce. Ya zauna a bakin sito har rana ta faɗi, ba wanda zai ba labarin Dogonduci.