Saƙon Murya Daga Gindin Tsamiya

Shekarar da kuɗin mota ya gagari talaka ina aji huɗu a jami'a a Kano, shekarar ƙarshe ke nan. Inna ta kwanta ciwo, na taho gida ƙauyenmu da ke bayan Ɗambatta da nufin kwana biyu, sai jinya ta riƙe ni a asibiti. Ina can aka yi gwajin wani darasi da ba a kammala karatu sai an ci shi. Wanda bai yi gwajin ba da wuya jarrabawa ta cece shi, sai ya maimaita. Baba kuwa tun da damina, da ya kasa sayen takin zamani, ya gaya mini gaskiya: bana ce iyakar ƙarfinsa.

A garinmu ba a samun sabis sai a gindin tsamiyar bakin rijiya. Nan na je na danna wa malamin darasin saƙon murya, yadda kowa ke yi a gidanmu. Na ce masa ya gari, wallahi ban samu zuwa ba, ya taimaka ya sa mini wata rana. Har da 'yar dariya a ƙarshe. Da na sake saurare sai na ji kukan akuyarmu da ta biyo ni da ƙarar guga sun fi muryata fitowa. Ban yi sallama ba, ban ma faɗi sunana ba.

Alama ta nuna ya saurara. Shiru. Washegari ma shiru. Hankalina ya tashi. Na riƙa zarya zuwa tsamiya har matan da ke ɗiban ruwa suka fara tsokanata, wai ko saurayi ne ya yi yaji.

Da Baba ya ji saƙon sai ya riƙe baki. Ya ce ko gidan mai unguwa ba a faɗa masa haka, balle malami. Ya zaunar da ni a zaure ya ce in rubuta abin da zai faɗa. Aka fara da Allah ya ja zamaninka, aka gaida iyali, aka tambayi ruwa da gajiyar aiki, aka yi addu'a ga iyayensa na raye da na ƙasa. Yatsana ya gaji ba mu iso maganar gwaji ba. Ni dai tsoro ya sa komai aka ce rubutawa nake.

Ana haka yayana ya shigo, shi malamin firamare ne, ya taɓa zaman kwaleji. Ya karanta ya ce wannan ai sai mutum ya gaji ya ajiye waya. Malamin nan ɗalibansa sun fi mutanen garinmu yawa, abin da yake so ya sani shi ne wace ce, wane darasi, me ya faru, me take roƙo. Ya share gaisuwar ya bar layi ɗaya. Baba ya ji haushi ƙwarai, ya ce boko ya cinye mana ladabi, ya ɗau fartanya ya fita.

Da yake darasin na sashen Hausa ne, da Hausa muka rubuta. Sallama, barka da aiki, sannan cikakken sunana da lambata ta ɗaliba da sunan darasin. Na nemi afuwar saƙon farko a jimla guda. Na so in ƙara magiya, yaya ya hana. Na ce jinyar mahaifiyata ce ta hana ni zuwa, ina da takardar asibiti. Maimakon “ka sa mini rana” muka sa “ina roƙon ko za a ba ni damar rama gwajin, a duk lokacin da Malam ya ga ya dace.” Na rufe da godiya. Muka jira safiyar ranar aiki, na je gindin tsamiya na tura.

Sai bayan la'asar amsa ta zo, ina tsaye a gindin tsamiya.

“Wa alaikumus salam. Ashe ke ce mai akuya. Ban san mai lambar ba. Ki zo ofis ranar Talata da takardar. Yaya jikin mahaifiyar taki?”

Kunya da daɗi suka haɗe mini, na zauna a kan saiwa na yi kuka. A gida na karanta wa Baba. Ya sa na maimaita layin ƙarshe, ya dubi yaya ya ce, “Ka ji ko? Shi ai ya san gaisuwa.”

Bai tambaye ni yadda zan kai kaina Kano ba. Ranar kasuwar Ɗambatta da sassafe na ji kukan akuyar nan a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga Baba yana janye da ita a igiya, ya nufi bakin titi.