Yamusa Mai Inji da Rawar Sanda

Mijina Yamusa bai iya magana ba, kuma abin da ya cuce shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, in ka tara zancensa duka ba zai cika ƙwarya ba. Ni Christiana kuwa Allah ya ba ni baki, ina yi mana mu biyu.

Bagwari ne na ƙauyen da ke bayan Zuba. Doya ya tashi yana nomawa, daga baya ya bi wata motar katako yana koyon gyara. Da ma'aikatan gona suka haƙa rijiya a cikin rafi suka kafa famfo don shanu su sha da rani, shi suka ɗauka ya kula da injin.

Injin na can saman gaɓa inda ambaliya ba ta kaiwa, famfon na ƙasa a bakin rijiya. Abin da ya haɗa su wata doguwar sandar ƙarfe ce mai juyawa, ta kai taku goma sha biyu, kaurinta bai wuce hannuna ba. Ginshiƙi uku ke riƙe da ita, kowanne da boris, wato abin da take juyawa a ciki. Wata damina ruwa ya tafi da na tsakiya. Sau huɗu aka rubuta takarda zuwa Abuja, tsohuwar Abuja nake nufi, ko amsa ba a samu ba. Yamusa ya kafa itacen ƙirya a gurbin, yashi ya ƙi riƙewa.

Daga nan sandar ta fara abin da yake kira rawa. In totur, wato hannun da ke ƙara wa inji gudu, ya kai wajen rabi, sai tsakiyarta ta yi ciki, ta riƙa kewayawa kamar igiyar da yara ke tsallakewa, ƙasa na girgiza har cikin haƙora. Ya ce mini kowace sanda tana da gudun da ba ta so, kuma in tazarar ginshiƙai ta ƙaru, gudun nan sai ya sauko ƙasa sosai. A da yana can sama inda inji ba ya kaiwa, yanzu ya sauko kan hanya. Ƙasa da rabi ba ta rawa, amma famfo ba ya iya tura ruwa sama. In an haye rabin kuma sai ta miƙe sumul. Saboda haka da zafi-zafi yake tsallakewa, in zai tayar ya ture totur gaba ɗaya, in zai kashe ya sauke gaba ɗaya. Tsayawa a tsakiya ne mutuwa.

Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, fari ya koro Fulani daga arewa. Wayyo, ban taɓa ganin shanu haka ba, ƙashi da fata, suna tafe suna faɗuwa. Rafuka duk sun ƙafe, ruwa sai a komin siminti na injin mijina. Tun asuba yake tayarwa, ba ya kashewa sai rana ta faɗi.

A cikin baƙin akwai wani tsoho, Hammawa. Ya baro gida da shanu sittin, ya iso da sha tara, ba ɗa ba jika, sai matarsa Adda. Mutum ne mai tausayi har ya yi yawa. Kullum yakan tsuguna kusa da injin yana sauraron kukansa.

"Mai inji," in ji shi, "wannan abu yana wahala. Ko sa ne, in ka kora shi haka zai faɗi. In ya faɗi mun mutu. Ka sassauta masa."

Me Yamusa ya ce? "Ba a sassautawa, Baffa." Shi ke nan! Na ce, "Baban Lucy, ka yi wa tsohon nan bayani mana." Ya ce ai ya yi.

Wata ranar Laraba da azahar na kawo masa tuwo. Ruwa ya ragu a komi, Yamusa ya sauka rijiya yana cire ciyawar da ta toshe rariyar famfo. Ina kan gangara na hango Hammawa ya miƙe, ya sa hannu a kan totur, ya ja shi baya a hankali, yadda ake shafa wuyan saniya. Ya tsayar da shi daidai rabi.

Na jefar da kwanon ina ihu, "Baffa, tura gaba! Tura gaba!" Ina zai ji, ƙarar ta cika ko'ina. Sandar ta yi ciki, cikin na ƙaruwa, tana dukan yashi. Tsohon ya tsorata ya ja da baya ya bar totur a wurin. Shanu suka watse. Kafin Yamusa ya hauro ya kashe injin, ƙusoshin da suka haɗa sandar da inji sun tsinke, sandar ta kwanta a lanƙwashe.

Ba wanda ya ga hannun da ya taɓa sai ni. Shi kansa Hammawa bai san abin da ya yi ba, a ganinsa ciwon da ya daɗe yana tsoro ne ya kama injin, shi kuma ya makara wajen ceto.

Na ce a ɗaura ta haka nan a tayar. Yamusa ya ce sandar da ta lanƙwashe nauyinta ya koma gefe, rawarta za ta ninka, ba za ta haye rabin ba, karyewa za ta yi. Sai an miƙar da ita tukuna.

Kwana huɗu ya yi a kanta da wani maƙeri Mato. Su gasa wurin da gawayi, su danna da jak ɗin mota, su mirgina ta a kan itace biyu yana zana alli inda ta tasa, su sake. Tafin hannunsa duk ya sale. Ni da matan ƙauye muka shiga jan ruwa da guga, amma guga nawa zai shayar da shanu ɗari biyar? Masu samari suka mamaye bakin rijiya da sanduna. Adda na tsaye a baya da ƙwarya, tana roƙo ba mai kallonta. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na samo mata tulu biyu a rana. Tulu biyu ga shanu sha tara! Na ji tsoro, na ji haushi, na yi kuka a fili.

Ranar Lahadi, ko coci ba mu je ba, Yamusa ya tayar. Ya ture totur, sandar ta yi rawa ta ɗan lokaci, sannan ta miƙe. Ruwa ya zubo a komi. Shanun Hammawa bakwai ne suka iya tashi su sha.

Tsohon ya zo gaban jama'a. "Mai inji, sau nawa na ce ka sassauta? Ka ƙi ji. Ka kashe inji, ka kashe mini shanu. Allah ya isa tsakanina da kai."

Na buɗe baki. Wallahi da na faɗa masa komai, da shi da kakanninsa. Yamusa ya damƙe wuyan hannuna da wannan salallen tafin nasa, ya rusuna ya ce, "Laifina ne, Baffa. Ka yi haƙuri."

A hanyar gida na tsare shi. "Baban Lucy, ka haukace ne? Shi ya taɓa totur, da idona na gani!"

"Na sani. Na ga inda aka bar shi."

"To?"

"Yanzu yana da wanda zai zaga. In ya san hannunsa ne, ba zai kai damina ba."

Hammawa ya kai damina, ya koma arewa da shanunsa bakwai. Labarin kuwa ya bi rugage. Shekara goma sha biyu mijina ya ƙara yana ba shanu ruwa a wurin nan, Fulani na shayarwa suna nuna shi da baki, ga wanda ya kashe shanun tsoho. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba yana raye, kuma ban faɗa ba. Da sunan nan muka binne shi.