Kuɗin Amurka na autanmu

Ni ban yi boko ba. Abin da na iya na karatu a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, da gemuna. Autanmu ne mai ƙwaƙwalwa. Bayan rasuwar Baba ni na riƙa noma gyaɗa a Yako, shi kuma yana kwaleji a Zariya, har shekarar da na gaza ɗaukar nauyinsa. Malaminsa ya nema masa tallafin karatu wajen wata ƙungiya a Amurka, aka dace. Kuɗin ci da littattafai ne na shekara guda. In babu su, sai ya dawo ya ɗauki fartanya.

Da hutu ya zo da wasiƙar, ya karanta a tsakar gida gaban dangi. Ya ce dalar Amurka ɗari da arba'in. Kunnen kowa ɗari da arba'in ɗin ya kama, aka ɗauka fam ne. Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

A gidanmu kuɗin farko da yaro ya samo ba nasa ba ne, na manya ne, a raba su sa albarka. Nan take Inna ta fara rabo da baki: Kawu babbar riga, Gwaggo turmin zane, liman rago. Auta ya sunkuyar da kai. Ya san ba haka lissafin yake ba, amma wa zai katse uwarsa a gaban ƙannenta?

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ni da shi, da takardar kuɗin a aljihunsa. A banki aka buɗe masa ajiya da sunansa, ya sa hannu, aka ba shi ɗan littafi. Na miƙe ina jiran a ƙirgo mana. Akawun ya ce a'a, sai an aika takardar can ƙasar waje, bankin da ya rubuta ta ya biya, sannan a zuba.

Na ce, "Malam, to nawa za a zuba?"

Ya ce, "Dala biyu da santi tamanin ke yin fam ɗaya. Naku fam hamsin ne. Banki zai cire la'adarsa, 'yan sulalla."

"Sauran casa'in ɗin fa? A teku suka nutse?"

Ya yi dariya. "Babu abin da ya ɓata, ɗan'uwa. Mudunsu ne ƙarami. Dala ɗaya sule bakwai ce da ɗan ɗoriya, fam kuwa ka sani, sule ashirin."

A jirgi Auta ya ce, "Yaya, a cika wa Inna maganarta. Ni na haƙura da makarantar."

Na ce, "Rufe mini baki."

Sai da aka haura wata kafin kuɗin su shiga. Duk tsawon nan Kawu kullum yana zaurenmu, wai ya zo gaisuwa, har ya gaya wa maɗinki launin zaren da yake so. Ranar da na koma Kano da Auta muka ga fam arba'in da tara da wasu sulalla a littafin, na dawo na sami Inna tana ɓarar gyaɗa. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta cika kallon idona ba. Na durƙusa na yi mata bayani da mudu, yadda akawu ya yi mini. Na ce in an sayi riga da zane da rago, abin da ya rage ba zai kai yaron damina ba.

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Kai wannan, shi ya sani tun ranar?"

"Ya sani."

"Ya bar ni ina ta zuba?"

"Kunyarki ya ji, Inna."

Ta share ido da bakin mayafi. Ta ce a ciro fam biyu, kada a ƙara ko kwabo. Ita da kanta ta bi gida gida da sandarta. Kawu ya sami hula, Gwaggo kallabi, liman zakara da goro.

Kawu ya juya hular ya ce, "Yaya, ina rigar?"

Ta ce, "Ita ce wannan. A Amurka riga ce, da ta iso Kano aka canja ta."

"To Allah Ya sa in hular ta iso kaina kada ta koma ƙyalle."

"Sa masa albarka, kai dai, uban kwaɗayi."

Ya sa kuwa. Gwaggo ce ta yi kwana biyu tana kumburi, daga baya ta huce.

Auta ya so ya saya wa Inna bargo, ta ƙi. Ta ce kuɗin takarda ne, su tafi ga takarda. Ranar komawarsa ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma, ta sa ni na ɗinke littafin bankin a cikin aljihun rigarsa. Na raka shi tasha da akwatinsa a kaina. Jirgin ya makara, muka zauna a inuwa muka cinye rabin ƙuli-ƙulin.