Sukarin Da Ya Sha Kananzir

A zamanin gyaɗa, mai kanti a Gwarzo kakarsa ɗaya ce a shekara. Da an buɗe ciniki an kafa sikeli, mutanen Mainika da sauran ƙauyuka za su shigo da jakuna, su sayar, su biyo ta kantuna kafin kuɗin ya huce a aljihu. Wanda kayansa suka iso kafin lokacin ya ci shekara. Wanda suka makara masa kuwa sai ya zauna yana korar ƙuda har wata kakar.

Ni ƙaramin kanti gare ni a bakin kasuwa, kuma duk abin da ke cikinsa na wani Alhaji ne a Kano. Abokin mahaifina ne. Da Baba ya rasu shi ya ja ni a jiki, yana aiko mini da kaya bisa amana, in sayar in kai masa nasa. Ba rubutu a tsakaninmu, ba shaida. Ran da ya ce ya daina, ran nan zan rufe ƙofa in koma gona.

A shekarar da nake ba da labari, tun ana cirar gyaɗa na je na faɗa masa abin da nake so: sukari, gishiri, yadin akoko, atamfa, sabulu da kananzir. Ya ce motarsa za ta kawo kafin a buɗe ciniki, babban ɗansa ne zai biyo ta. Aka buɗe ciniki ba mota. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ina zaune ina kallon mutanena suna wucewa kantin maƙwabcina, wasu har suna sunkuyar da kai don kunyata. Na ji zafin wannan ƙwarai.

Wani mai jaki daga Masanawa ne ya warware mini. Ya ce ai ya ga motar a wajen Kabo tana jigilar gyaɗa. Ɗan Alhaji ya ga kuɗin dako ya yi tsada, ya sauke kayana a wani zaure, ya shiga kwasar buhunan wasu zuwa Kano don aljihunsa.

Da motar ta iso, tun kafin a yaye tamfol hancina ya ba ni labari. Wajen sake lodi sun ɗora garewanin kananzir a kan kwalayen sukari, biyu sun fashe a gindi. Sukari ya sha, gishiri ya ɗauki wari, bandir ɗin akoko ya yi taswira. Na kira mutum biyu daga cikin dattawan kasuwa, aka buɗe komai a gabansu da gaban direba, aka ware mai kyau da maras kyau. Ɗan Alhaji yana tsaye yana kaɗa makulli. Ya ce in shanya a rana zai fita. Na ce masa atamfa ce ake shanyawa, shi kuwa sukari ko tururuwa ta ƙi shi.

Kawuna, wanda ya tsaya mini a matsayin uba, ya hana ni rubutu. A ganinsa yaro ba ya kai ƙarar kaya wurin ubangidansa, balle ƙarar da za ta faɗa kan ɗan gida. Ya ce in haɗiye, in rage asarar a hankali, Allah zai mayar. Na fahimce shi, don haka muka taso. Amma in na yi shiru, Alhaji zai ɗauka kaya sun zo lafiya kuma a kan kari. Ƙarshen kaka zai ga na kasa biya, ya ce amanar ce na ci. In kuma na yi magana, ina iya rasa shi baki ɗaya.

"Kawu," na ce, "gara ya yi fushi da ni a kan gaskiya da ya zarge ni a kan abin da ban yi ba."

Ya ce, "To, ka rubuta. Amma ka sani takarda ba ta da murya. Ba za ta iya sassauta abin da ka sa mata ba."

Da ajami na rubuta, da hannuna, don Alhaji ya karanta da kansa, kada a kira akawu ya karanta masa a gaban jama'a. Gaisuwa ba ta ba ni wuya ba. Na gaishe shi, na gai da iyali, na yi masa addu'a. Daga "bayan haka" ne alƙalami ya yi nauyi. Na fara rubuta wata mai zafi a allo, na wanke. Na rubuta wata mai laushin da in ka karanta sai ka ɗauka godiya nake yi, ita ma na wanke. A ƙarshe na tsaya a kan abin da ya faru kawai: ranar da muka yi alkawari, ranar da kaya suka iso, abin da ya zo lafiya, abin da ya lalace, da dattawan da suka gani. Na roƙi a musanya mini sukari da gishiri da akoko kafin kaka ta ƙare, in mayar da lalatattun a motar da ta kawo. Ban ambaci ɗansa ba. Iyakar abin da na ce shi ne motar ta yi zango a Kabo. Na yanki ƙyallen akokon na naɗe takardar a ciki, na ba wani mai goro da zai shiga Kano, don ban yarda in ba direba ba.

Kafin kasuwa ta zagayo sai ga mota. Sukari sabo, gishiri, akoko, kananzir a can baya an tokare shi da katako. Wani ne daban ya biyo ta, ya kwashe lalatattun ya tafi. Na samu wutsiyar kaka, ban ci riba sosai ba, amma ban faɗi ba. Amsa dai ba a aiko ba, ko ta baki.

Bayan kaka na shiga Kano. A da in na je, gida nake wucewa, in zauna a zaure, a fito mini da tuwo, mu ci kwano ɗaya yana ba ni labarin Baba. Wannan karon a shago ya tare ni. Ya miƙe ya ba ni hannu, abin da bai taɓa yi ba, ya sa aka kawo mini kujera. Ya ce takardata ta yi, kuma gaskiya na faɗa. Daga nan ya kira akawunsa ya ce daga yau duk abin da za a aika Gwarzo a rubuta, in duba in sa hannu, kamar yadda ake yi wa manyan 'yan kasuwa.

"Malam," ya ce da ni, "ka zama ɗan kasuwa."

Ban san ko yabo ne ko sallama ba, kuma har yau ina ganin duka biyun ne. Mun ci gaba da ciniki har ƙarshen ransa, kayana ba su sake makara ba, ko ƙwayar sabulu ba ta fashe ba. Ya girmama ni a gaban kowa. Amma ranar da na fito daga shagon na tsaya a bakin titi da yunwa, na rasa inda zan nufa, don ban taɓa sayen abinci a Kano ba.