Mayafin zannuwan Inna

Da Inna ta rasu, Yaya ta ce ba za a raba tsoffin zannuwanta ba. Ta yanka su ƙanana masu kusurwa uku, ana haɗa su su ba da tauraro, taurarin a jera su zama mayafin gado. Ta ɗinka rabi a Kurfi, sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta aiko mini Dutsin-Ma da sauran ƙyallayen a cikin buhun shinkafa, da saƙo: in hanzarta, tana so ta gan shi da idonta.

Lokacin ban daɗe da gama ajin manya ba. Da furfurata na koyi karanta tef ɗin awo, kuma a ajin an koya mana barin kwatan inci a bakin kowane ɗinki. Haka na bari, ban kauce ba ko sau ɗaya. Taurarina suka fito tsaf.

Ranar da na kai su Kurfi muka shimfiɗa a tabarma, nata da nawa, sai abu ya ƙi. Nawa duk sun fi girma. In ka daidaita tsinin farko, na biyu ya zame, na uku ya yi nasa wuri.

Ta ce, "Ke 'yar boko, mi kika yi ma zanen uwata?"

Na ce, "Kwatan inci na bari, Yaya. Ki auna."

"Ni na san wani inci? Gefen ƙafar kekena nike bi tun kina yawo ba ɗankwali."

Na duba ƙafar, ƙarfen da ke danne yadi a tsohon keken ɗinkinta. Ya ɗara kwata da abin da bai kai ƙwayar gero ba, kuma da wannan faɗin ta yanka ƙyallayen. Ɗan wannan bambancin, a kowane ɗinki, shi ya taru ya buɗa taurarina. Ita ba ta faɗa ba, ni ban tambaya ba. Kowa na ganin nata ne kaɗai ɗinki a duniya.

Datse gefe ba zai gyara na ciki ba. Dole na warware. Atamfar da ta sha wanki ba ta son warwara: wasu ƙyallayen suka yage, muka cike da zanen Yaya. Na dinga zuwa Kurfi ina ɗinki a kekenta, tana gefe tana cewa ajin manya ya cuce ni. Damina ta wuce a haka.

Da na gama, haske kawai take bambancewa da duhu. Na ɗora mata shi a cinya. Ta bi ɗinkin da yatsa, tsini bayan tsini, har ta tsaya a wani wuri can ƙasa.

"Nan bai haɗu ba."

"Naki ne wannan, Yaya."

Ba ta ɗauke yatsanta daga wurin ba. Can ta ce, "Shuɗin zanen da Inna ke zuwa suna da shi, ta wane gefe kika sa shi?"

Na kama hannunta na kai shi wurin.