Kallabin Yayata Mai Ruwan Ɗorawa

Hoto ɗaya yayata ta ɗauka a rayuwarta, shi ma don asibiti sun nema lokacin da za ta fara aikin unguwar zoma. Baƙi da fari ne, ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba. Ranar ta ɗaura kallabinta mai ruwan ɗorawa, wanda duk garinmu Shagari aka san ta da shi. Amma a hoton kallabin ya fito fari fat.

Da ta rasu wajen haihuwa ta biyu, mijinta ya kawo mana hoton daga Kajiji tare da 'yarta, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Inna ta dube shi sau ɗaya ta kife.

"Wagga ba ɗiyata ba ta," in ji ta. "Kun naɗe mata kai da hwarin ƙyalle awa wadda anka yi ma sutura. Ku ɗauke min shi."

Daga nan hoton ya koma ƙasan akwati, kuma sunan Yaya ya bi shi. Inna ta daina ambatonta, mu ma muka kama bakinmu. Yarinyar tana girma a ɗakin Inna, tana kiran kowace mace mai goyo uwarta. Abin ya tsaya mini a rai. Ina tsoron ta tashi ba ta san fuskar da ta haife ta ba, ga fuskar kuwa a akwatin da take zama a kai tana cin tuwo.

Lokacin ina koyarwa a firamare, zamanin mulkin farar hula na biyu ya zo gangara, sabulu da madara sai an yi layi. Na fara kai kukana wurin taubashina, ɗan kawuna, mai rubuta allunan shaguna da zanen jam'iyyu a bango. Ya ce wannan aikin minti biyu ne. Allah ya taimake ni na ce ya gwada a kan wata tsohuwar takardar zaɓe tukuna. Ya dangwalo fenti ya shafe hular ɗan takarar, sai ga mutum ɗauke da murfin kwano a ka, ba lanƙwasa, ba inuwa. Na ce masa ya ci gaba da bango, can ne Allah ya ajiye abincinsa. Har yau in mun haɗu sai ya ce na raina gwani.

Wata malama ce ta kwatanta mini mai hoto a Bodinga, kusa da tasha, wanda yake sa wa hotuna launi da hannu. Dattijo ne mai ƙarancin magana, yatsunsa duk sun rine da ruwan wankin hoto. Ya daɗe yana duban na Yaya ta gilashin ƙara girma.

"Kin yi sa'a da yaf fito da haske, malama," ya ce. "Launin nan awa ruwan shayi yake cikin tambulan, abin da ag ƙasa shi ka bayyana. Da baƙi na, ba ni iya maishe shi ɗorawa. Ina kallabin?"

Na ce ai na faɗa masa launinsa. Ya ce ruwan ɗorawa iri-iri ne, shi kuma takardar da ke karɓar launi saura masa ƙwaya ɗaya, kaya sun daina shigowa. Ba zai yi cacar ta da kwatancen baki ba.

Kallabin kuwa ya bar hannunmu. Bayan addu'ar bakwai an ba da tufafin Yaya sadaka, shi ya faɗa rabon tsohuwar da ta yi mata wanka, wadda ta koma wurin ɗanta a Sifawa. Karɓo abin da aka bayar sadaka abin kunya ne, na sani. Na tafi ina ta shirya magana a mota, da na isa duk ta gudu. Tsohuwar ta saurare ni, ta shiga ɗaki ta fito da shi a ninke.

"Ban taɓa ɗaura shi ba, ɗiyata. Na kasa. Ki kai, in an ƙare ki maido min ladata."

Mai hoton bai taɓa ɗan hotonmu da komai ba, ya ce mai sheƙi ne, launi ba ya zama a kansa, kuma ba a wasa da abin da ba shi da na biyu. Sai ya sake ɗaukarsa da kyamara, ya wanke babba a kan takardar nan tasa marar sheƙi, ya ce in dawo in ta bushe.

Ranar aikin ya sa na ɗaura kallabin na zauna a bakin ƙofa, haske yana zuwa ta hagu kamar yadda ya zo wa Yaya. Ƙanshin Yaya yana jikin kallabin har lokacin. Ya matso ɗan launi mai maiƙo daga wani bututu da ya shanye, ya naɗa auduga a kan tsinke, ya shafa wa kallabin hoton siriri ƙwarai, sannan ya bi da auduga mai tsabta yana murzawa har duk lanƙwasar da ke ƙasa ta fito. Ni ina ganin an gama. Ya ce in duba cikin ninkin. Wurin ya yi kore-kore kamar ruwan kududdufi, domin haka ɗorawa take yi in ta hau toka-toka. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya ɗauko ɗan ruwan ƙasa ya bi cikin kowane ninki da shi, har inuwar ta yi kama da wadda ke kaina. A kan tudun ninkin kuma, inda haske ya fi bugawa, ya goge launin kusan duka.

Gefen ne ya fi cin lokaci. Da sabuwar auduga a tsinke ya bi inda kallabi ya haɗu da goshi da kunne, yana ɗauke duk abin da ya tsallaka. Ya sa wa fuskar nata launin kaɗan, don kada kallabi ya rayu fuska ta zauna a mace. Daga ƙarshe ya taɓa gefen kumatunta da ɗigon ɗorawa, ya murje har sai ka sa ido za ka gani. Ya ce ƙyalle yakan zuba wa fata haskensa.

Na lura ɗaurin ya zame ta dama, wani lanƙwasa ya sauko kan girarta. Na roƙe shi ya gyara mata.

"A'a. Hakanan taɗ ɗaura shi. Ni launi anka ce in sa."

Na ji haushinsa a ranar, na ce a raina tsohon nan taurin kai gare shi. Yanzu ba na ɗaga hannu in yi addu'a ban sa shi ba, shi da tsohuwar Sifawa, wadda na mayar wa kallabinta kamar yadda muka yi.

Da launin ya bushe aka sa gilashi, na kawo shi gida da la'asar. Inna tana tsakar gida tana gyaran albasa, yarinyar tana jingine da ita. Na ajiye hoton a kan tabarma na koma gefe. In ta kife wannan, ba ni da wata dabara.

Ta dube shi ta kawar da kai, ta sake dubawa. Sai ta goge hannu a zane ta ɗauka. Na ga ta sa babban yatsa a kan gilashin, daidai lanƙwasan da ke kan gira, tana tura shi sama, kamar yadda take yi wa Yaya kullum a bakin zaure in za ta fita aiki.

"Kullum sai na hwaɗa mata ta gyara wajen ga," ta ce. "Ba ta ji."

Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, ta kama ɗan yatsanta ta aza a kan fuskar.

"Ga uwarki nan. Dube ta da kyau. Ko kallabi ba ta iya ɗamri ba, amma rabin yaran garin ga ita tat tarbe su."

Sannan ta kira sunan Yaya, cikakke, wanda ko da tana raye ba ta faɗa saboda kunyar ɗiyar fari.