Rarar da Baba Tela Ya Bari

Tun da Baba Tela ya fara riƙe almakashi bai taɓa yanka yadi cif-cif ba. Kullum sai ya bar rara, wai jikin mutum ba katako ba ne.

Da aka yi masa aiki, aka fito da bakin hanjinsa ta gefen ciki aka manna jakar bahaya, shi ya karɓi yankan ramin jakar. Sai fatar wurin ta yi jawur tana raɗaɗi. Ya zargi wake, ya daina ci. Ya zargi yaji. Matarsa ta rasa abin da za ta ɗora, fata kuwa sai ɗayewa take.

A asibiti nas ta ɓare jakar ta duba.

"Baba, wa ya yanka wannan?"

"Ni. Awonku ne, na ɗan ƙara rara."

"Kumburin ya sauka, bakin ya ƙanƙance. Bahaya ke kwanciya a rarar taku yana cin fata."

Ta goge wurin ya bushe, ta barbaɗa hoda, ta sake awo daf da bakin.

Har gida yana juya maganar, ya rasa yaushe rara ta zama laifi. Ya leƙa kicin.

"Dafa waken. Ashe telan ne."